Yarana sun haddace sunan kowane ɗa a allon ches, amma ba su taɓa gama wasa ko ɗaya ba

Malam Sabi'u:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyarwa a firamaren wani ƙauye a ƙaramar hukumar Ringim. Wani ɗan garinmu da ke aiki a Legas ya aiko mana da allon ches guda biyu, wai ya ga abin da Tunde Onakoya yake yi da yaran talakawa a can tun 2018, ya ce mu ma mu gwada. Ni kaina a waya na koyi wasan. Na tara yara 18, 'yan shekara 6 zuwa 9, kowace Alhamis bayan la'asar tunda ba makarantar allo. Ranar farko na jera 'ya'yan nan 32 na yi bayanin tafiyar kowanne. Yau mako na huɗu ke nan. Idan na ɗaga ɗa suna faɗar sunansa da ƙarfi kamar karatun ɗaya-biyu, amma da an zauna wasa sai doki ya yi tafiyar giwa, soja ya koma baya, a cinye sarki a ci gaba kamar ba a yi komai ba. Yanzu yara 11 suka rage. Ina kuskuren yake?

Auwalu Bichi:
Wa alaikumus salam. Malam ka yi musu yawa ne. Ka kwashe komai ka bar sojoji kawai, takwas da takwas, wanda ya fara kai soja ƙarshen allo shi ya ci. Soja shi ne mafi sauƙi, taku ɗaya ne gaba. Da shi ake farawa.

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam Malam Sabi'u. Shekara shida ina wannan aikin da yara a wajen Kazaure, kuma abin da ya same ka shi ya same ni a farko. Auwalu ya yi gaskiya a maganar kwashe kaya, amma ƙanena, soja ba shi ne mai sauƙi ba. Ƙanƙantarsa ce take yaudarar mutane. Duba: yana tafiya miƙe amma yana ci a karkace, takunsa na farko zai iya zama gida biyu, ba ya komawa baya, in ya kai ƙarshe ya rikiɗa ya zama wani ɗa. Duk allon ba wanda ya kai shi togaciya.

Ni da hasumiya nake farawa, wadda yarana suka laƙaba wa rumbu saboda siffarta, har sunan ya bi ni. Dokarsa ɗaya ce: miƙe, gaba ko baya ko gefe, iya nisan da hanya ta buɗe, kuma yadda yake tafiya haka yake ci. Ka ajiye shi shi kaɗai a allo, ka watsa ƙwayar gyaɗa biyar a gidaje daban-daban, ka ce wa yaro ya tsince su, duk wadda rumbu ya sauka a kanta tasa ce. Zagaye na farko ka bar shi ya tsinta yadda ya ga dama. Na biyu sai a fara ƙirga taku: Sani ya tsince a taku tara, wa zai yi a bakwai? A nan yaro yake fara duba allo kafin ya miƙa hannu, kuma abin da kake nema ke nan a ranar, ba wani abu ba. Minti 20 ya isa. Ka tashe su suna so, kada ka jira su fara jifan juna da 'ya'yan.

Malam Sabi'u:
Allah ya saka, Malam Habibu. Sai dai allo biyu ne da ni. In yaro ɗaya yana tsintar gyaɗa, sauran goma me za su yi?

Malama Rabi:
Malam, wannan ba matsala ba ce. Ni a ƙauyenmu na wajen Ɗambatta allon kanti ɗaya ne da ni, sauran kwali ne. Ƙananan wasannin nan ba sa bukatar 'ya'ya 32. Marfin kwalbar lemo goma sha shida sun zama sojoji, na ɓangare ɗaya a kife, na ɗayan a buɗe. Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai, domin ni na ƙone: ka sa rula ka auna gidajen su zama daidai tsawo da faɗi. Na farko da na zana da ido na yi, gidajen suka fito dogaye, da muka zo kan giwa, wadda take tafiya a karkace, sai layin ya ƙi tafiya daidai, yara suna lanƙwasa shi. Na yi mako biyu ina faɗa da su alhali laifin kwalina ne. Kuma gidan kusurwa na hannun daman mai wasa fari ne, ka duba kafin ka shafa baƙi.

Ka kuma ɓoye kwalin daga awaki. Ba wasa nake ba.

Malam Habibu:
Maganar giwa ta tuna min. Akwai hanyar kama kuskure ba tare da ka tsaya a kan kowane allo ba. Giwa ba ta barin launin da ta fara a kai har abada. In ka ajiye ta a farin gida ka zagayo ka same ta a baƙi, an lanƙwasa hanya a wani wuri. Ka gaya wa yaran wannan, su da kansu za su riƙa kama juna. Wata rana ma ka ajiye gyaɗa ɗaya a launin da ba nata ba, ka yi shiru. Za su yi ta zagaye, har ɗaya ya ɗago ya ce Malam wannan ba za ta ciwu ba. Wanda ya gano da kansa ba ya mantawa. Doki kuma akasin haka ne, kowane tsalle sai ya canja launi, in ya tashi daga fari ya sauka a fari to ba daidai ba ne. Shi nake bari ƙarshe.

Baba Ɗanladi:
Ku 'yan boko komai sai kun mai da shi aji. Mu dara wa ya koya mana? Gurbi talatin a ƙasa, kowa da 'ya'yansa sha biyu, ka jera uku ka ci ɗaya. Muna tsugune a bayan manya muna kallo a gindin darbejiya har muka iya. Ku bar yaran su kalli masu yi, za su ɗauka.

Malam Sabi'u:
Baba, ranka ya daɗe, ai matsalar ke nan. A garinmu ba wanda za su kalla sai ni, ni ɗin ma lami ne.

Malam Habibu:
Baba ya faɗi wani abu mai kyau, yaro ya fi ɗauka daga wasa a kan bayani. Amma a dara 'ya'yan duk iri ɗaya ne, tafiyarsu ɗaya, shi ya sa kallo yake isa. A nan iri shida ne, kowanne da tasa. Kamar dara shida ce aka zuba a faifai ɗaya. Ƙananan wasannin raba su suke yi a ci ɗaya bayan ɗaya. Kuma ba ƙirƙirarmu ba ce: a Holan akwai tsarin koyarwa mataki-mataki da Rob Brunia da Cor van Wijgerden suka fara a 1987, su ma da gangan suke jinkirta maganar ritsa sarki sai yaro ya saba da tafiya da ci da kare ɗansa.

Na lura yaron da ya saba da dara yana saurin gane rumbu, domin idonsa ya saba bin layi. Wanda ya saba da draf shi ne mai wahala, sai ya tsallake ɗa ya ɗauke shi, kuma yana ɗauka ci dole ne.

Maman Khalifa:
Sallama. Wai wane wasan ne kuke cewa a sauke? Nawa yana da shekara biyar, ya ishe ni da karɓar waya. Ya sunansa a saukar masa, kuma yana cin data?

Malama Rabi:
Hajiya ba na waya ba ne, a kwali ake yi da marfin kwalba. Ɗan shekara biyar tsintar gyaɗar nan kaɗai ta ishe shi, kada ki matsa masa da sauran. Zan turo miki hoton nawa kwalin.

Auwalu Bichi:
To na yarda a fara da rumbu. Amma tsintar gyaɗa ai ba wasa ba ne, ba abokin karawa. Yaro yana son ya ci wani ya yi masa dariya. Yaushe za a kai nan?

Malam Habibu:
Mako na uku ko na huɗu, da zarar an gabatar da soja. A nan shawararka take shigowa. Amma kafin takwas da takwas, akwai wanda na fi so: rumbu ɗaya da sojoji biyar. Fararen sojoji a gidajensu na farko, baƙin rumbu a kusurwarsa, sojoji ne ke fara tafiya. Rumbu ya ci wasa in ya cinye su duka. Sojoji sun ci in sun cinye rumbu ko ɗayansu ya kai ƙarshe. A yi sau biyu ana musayar ɓangare.

Kwanakin farko rumbu ne yake ta lashewa, domin yaro yana ɗaukar soja ɗaya ya yi ta ingiza shi shi kaɗai har a cinye. Sai ranar da wani ya gane cewa biyu a jere suna kare juna. Malam Sabi'u, ka rubuta haruffan a zuwa h a gindin allon, 1 zuwa 8 a gefe, ka jera wannan ka gani da idonka. Fararen sojoji a d5 da e5, baƙin rumbu ya zagayo baya yana a1, kuma shi ne da tafiya. Ya hau a5. Soja ya tafi d6, rumbu ya cinye na e5. Soja ya tafi d7, rumbu ya dawo d5, bayansa. Soja ya shiga d8, rumbu ya cinye shi nan take.

Yanzu ka matsar da sojojin gida ɗaya kacal, d6 da e6, rumbu yana a1 da tafiya kamar ɗazu. Ya hau a6. Soja d7, rumbu ya shiga bayansa a d6. Ɗayan ya tafi e7. Rumbu ya cinye na d7, na e7 ya shige e8, kuma rumbu ba shi da hanyar taɓa shi. Gida ɗaya ne tsakanin nasara da faɗuwa. Ba na gaya wa yara wannan a matsayin doka. Ina jera musu duka biyun a allo biyu, in ce su gwada, in koma gefe.

Malama Rabi:
Tsaya Malam Habibu. A misalinka na farko ai soja ya kai d8. Ka ce sojoji sun ci in ɗayansu ya kai ƙarshe. A ajina wannan mai sojoji ne ya ci, an gama, ba a jiran rumbu.

Malam Habibu:
Kin kama ni, Malama, ban ƙarasa dokar ba. A wajena sai ya kai ƙarshe kuma ya tsira daga taku ɗaya na abokin karawa. Dalilina shi ne a cikakken wasa in ka yi sarauniya aka cinye ta nan take, ba ka samu komai ba sai asarar soja. Duk dokar ƙaramin wasa da za ka zo ka warware daga baya, bashi ce ka ci. Gara ta yi kama da ta gaskiya tun farko.

Malama Rabi:
Na ji dalilin, amma ga 'yan shekara shida ban yarda ba. Yarinya ta sha wahala ta kai marfinta ƙarshen kwali, ta ɗaga hannu tana murna, sai ka ce mata a'a jira tukuna? Kuka za ta yi, mako mai zuwa ba za ka gan ta ba. Ni ina barin ƙananan da dokar taɓawa, wato da soja ya taɓa ƙarshe an ci, in sun kai wata guda in ce yau an ƙara wa wasan wuya. Ban ga wanda ya rikice ba. Abin da na ga yana rikita su shi ne malami ya canja doka a tsakiyar wasa. Malam Sabi'u, ko wacce ka zaɓa, ka faɗe ta kafin a taɓa ɗa.

Auwalu Bichi:
Akwai wata kuma. Jiya na gwada takwas da takwas da ɗan yayana, sojojin suka cije, kowa ya tokare da na gabansa, ni ne da tafiya kuma ba inda zan je. Ya ce ya ci ni. Na ce kunnen doki ne. Wa ke da gaskiya?

Malam Habibu:
Duka biyun ana yi. Ni kunnen doki nake cewa, domin a cikakken wasa wanda ba shi da halastacciyar tafiya kuma ba a kai wa sarkinsa hari ba, canjaras ne. Masu cewa wanda ya maƙale ya faɗi suna da hujja su ma, tana sa yaro ya fara ƙirga sauran takun da ya rage masa, ya yi tunani ko ya yi taku ɗaya ko biyu a farko. Manyan, 'yan tara da goma, nakan ba su wannan wani lokaci.

Ga wata da za ka yi wa ɗan yayan naka ka rama. Fari a5, b5, c5. Baƙi a7, b7, c7. Ba komai a allon sai su, fari ne da tafiya. Kowa zai ce a toshe take. Ka tura na tsakiya b6. In ya ci da na a7, ka tura c6, ya ci da na b7, sai na a5 ya ga hanya fetal: a6, a7, a8. In kuma da na c7 ya ci tun farko, ka juya, ka ba da a6, na c ya wuce. Ka ba da biyu ka kai ɗaya. Amma in baƙi ne da tafiya ya riga ka sa b6, dabarar ta mutu.

Auwalu Bichi:
Kai! Na jera yanzu da tsakuwa, wallahi haka ne.

Alhaji Garba:
Ba na son ɓata muku hira, amma Malam Sabi'u ka nemi izinin iyaye? Wannan ai shi ne shaɗaranji da ke cikin littattafan fiƙihu, kuma malamai sun yi magana a kansa, a mazhabarmu ta Malikiyya ma da tsanani. Kada wata rana a zo makaranta ana neman ka.

Malam Sabi'u:
Alhaji gaskiya ne, kuma cikin bakwai ɗin da suka daina zuwa, biyu mahaifinsu ne ya hana. Ban ja da shi ba. Na je wajen limaminmu na nuna masa allon, na ce ba kuɗi a ciki kuma muna tashi kafin magariba. Ya ce zai duba ya ba ni amsa. Hukunci na malamai ne, ni dai ba na karɓar yaron da ba a yarje masa a gida ba.

Sauran tambayata ɗaya, ita ce ta fi damuna. Cinye sarkin nan da suke yi, in hana ko in bari?

Malama Rabi:
Ni ina bari na ɗan lokaci. Cek da cekmet, wato kai wa sarki hari da ritsa shi, abu ne da ba a gani, wasa ya ƙare alhali sarki yana tsaye a allo, yaro ba ya gane me ya sa. In ya cinye sarki sau goma, sai ka ce to yanzu za mu tsaya taku ɗaya kafin cin. Nan da nan yake shiga.

Malam Habibu:
A nan ma mun ɗan saɓa. Na gwada, abin da na samu shi ne yara masu yin shiru suna addu'ar kada abokin ya lura, su wafce sarki. Ɗabi'ar tana daɗewa. Ni ba na sa sarki a allo sam sai yaro ya iya amsa tambaya ɗaya a wasannin baya: wa yake kai wa ɗanka hari yanzu? In ya iya, sai in kawo sarki in ce shi ba a cin sa, ritsa shi ake yi. Wanda ya kai hari ya ce hattara, kamar yadda dogarai suke faɗa wa sarki, mai sarkin kuma ya nemi ɗaya cikin uku: ya gudu, ya tare, ko ya cinye mai harin.

Gwajin da nake yi kafin in ba yaro cikakken allo shi ne wannan. Baƙin sarki a g8, sojojinsa a f7, g7, h7, farin rumbu ya sauka e8. In tambaye shi, akwai mafita? Babu, sojojinsa ne suka toshe shi. Sai in matsar da na h7 zuwa h6 in sake tambaya. Wanda ya nuna h7 da yatsa ba tare da ya taɓa sarkin ba, ya isa. Wanda ya ɗauki sarki yana gwada gida-gida, a ƙara masa mako biyu. Ƙa'idar musayar wurin sarki da rumbu, da cin soja a kan wucewa, duk sai bayan nan. A wajena 'yan takwas da tara sukan kai cikin wata biyu zuwa uku in ana haɗuwa sau ɗaya a mako. 'Yan shida wasu sai an shekara, kuma in damina ta faɗi aka tafi gona, ka sa a ranka za ka koma baya kaɗan.

Baba Ɗanladi:
Hattarar nan ta burge ni. Amma har yanzu ban ga abin da ya fi dara ba.

Malam Sabi'u:
'Yan uwa ga rahoton jiya Alhamis. Na zana kwali huɗu da rula, na ɓoye allunan kantin a ofishin hedimasta. Yara 13 suka zo, biyu sun dawo da suka ji ana cin gyaɗa. Tsintar ta tafi daidai, sai dai gyaɗar ta ƙare kafin zagaye na uku, muka koma tsakuwa. Manyan huɗu na ba su rumbu da sojoji biyar tunda sun riga sun san tafiyar soja. Na manta ban faɗi dokar ƙarshe ba, duk da jan kunnen Malama Rabi. Wata yarinya ta kai soja ƙarshe, yaron ya cinye shi, gardama ta kaure har aka yi kiran magariba ba a raba ba. Na ce mako mai zuwa za a sake daga farko. Malam Habibu, Malama, ita shekararta takwas, shi tara. Wacce dokar zan ba su?

Malama Rabi:
'Yar takwas ta wuce ta taɓawa. Ba su tasa.

Malam Habibu:
Amma na jiyan a rubuta mata shi, tunda ba a gaya mata ba. Kuma a zagayen farko ka ba ta rumbun.